Daga PDF Zuwa Word: Me Ya Sa Kanu da Lambobi Ke Wargajewa?

Mu ɗauki wata ƙungiyar 'yan kasuwa mai kundin dokoki na shafi 24, wanda aka kasa sashe 12. An buga shi shekarun baya a wani shagon kwamfuta, wanda ya buga ɗin ya daɗe da barin gari, abin da ya rage a hannun sakatare shi ne fayil ɗin PDF da ke yawo a wayoyin mambobi. A babban taro sai aka amince a ƙara doka guda a Sashe na 7, mai magana kan kuɗin wata-wata: duk mamban da gobara ta ci wa shago a yafe masa biyan wata shida. Sabuwar dokar za ta shiga tsakanin 7.2 da 7.3.

A ganin sakatare aikin minti biyar ne. Ya buɗe fayil ɗin da Microsoft Word, wanda tun fitowarsa ta 2013 yake iya juya PDF ya koma rubutun da za a gyara. Kundin ya fito tsaf a ido, kamar ba a taɓa shi ba. Ya kai ƙarshen 7.2 ya danna `Enter`, ya rubuta sabuwar dokar, sai ya tarar yana da 7.3 guda biyu, domin tsohuwar ta ƙi matsawa. A Sashe na 9 kuma ƙananan dokoki sun tashi daga (a) zuwa (d), da aka shiga sabon shafi suka sake farawa daga (a). Sunan ƙungiyar da ke saman kowane shafi ya faɗo tsakiyar wata jimla. Jerin abubuwan da ke ciki yana nan yana cewa Sashe na 8 na shafi na 15, alhali ya koma na 16.

Mutane kan ɗora laifin a kan manhajar, su ce a nemo wata wadda ta fi ta. Wani lokaci wata takan ɗan fi wata, amma tushen matsalar yana cikin PDF ɗin kansa. Abin da sakatare yake nema a dawo masa da shi, tun ranar da aka yi fayil ɗin aka zubar da shi.

Abin da PDF yake ajiyewa

Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, daga wani tunani da John Warnock, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya gabatar a farkon shekarun 1990. Damuwar wancan zamani ita ce takarda takan sauya kama idan aka buɗe ta a wata kwamfuta ko aka buga ta da wata firinta. Abin da aka nema shi ne fayil da zai fito iri ɗaya a ko'ina. An kuwa samu, har a 2008 tsarin ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 32000. Hanyar da aka bi ita ce a daina ajiye ma'anar rubutu, a ajiye umarnin zana shi kawai.

Idan aka tona cikin fayil ɗin kundinmu, aka warware matsin da aka yi wa bayanansa, kan Sashe na 7 zai yi kama da wannan:

```
BT
/F2 14 Tf
72 700 Td
(7. KUDIN WATA) Tj
ET
```

Ma'anarsa ita ce: fara rubutu, ɗauki nau'in haruffa mai laƙabi F2 da girma 14, je ka wurin da ke ma'auni 72 daga hagu da 700 daga ƙasan shafi, zana waɗannan haruffa, ka tsaya. Ma'auni 72 shi ne inci ɗaya, kuma takardar A4 tana da faɗin 595 da tsawon 842. A duba da kyau, babu inda aka ce wannan layi kan sashe ne. Babu inda aka ce 7 ta biyo bayan 6, ko kuwa 7.1 tana ƙarƙashinta. Lambar 7 zane ce kawai, daidai take da harafin K da ke kusa da ita.

Lamarin ya ma fi haka. PDF na yau da kullum bai san sakin layi ba, kowane layi zanensa daban. Sau da yawa ko tazarar da ke tsakanin kalmomi ba a ajiye ta a matsayin harafi, sai dai a ce wa alƙalami ya matsa gaba kaɗan. Kuma ba dole ba ne jerin umarnin ya bi yadda mutum yake karatu: ana iya zana lambar shafi kafin rubutun shafin, ko a zana lambar doka daban, jimlarta daban.

Word kuwa akasin haka yake aiki. Fayil ɗin docx, wanda ya zo da Word na 2007, ƙunshi ne na ƙananan fayiloli, ɗaya na rubutu, ɗaya na salo, ɗaya na tsarin lambobi. Idan marubuci ya yi aikinsa yadda ya kamata, doka ta 7.3 tana ɗauke da alama irin wannan:

```
<w:pStyle w:val="Heading2"/>
<w:numPr>
  <w:ilvl w:val="1"/>
  <w:numId w:val="3"/>
</w:numPr>
```

Wato wannan sakin layi yana da salon `Heading 2`, kuma yana mataki na biyu a jeri mai lamba 3 (ana fara ƙirga matakan daga sifili). Abin lura shi ne babu 7.3 a rubuce ko'ina. Word ne yake ƙirgawa duk lokacin da aka buɗe fayil ɗin: wannan shi ne kai na bakwai, wannan ce doka ta uku a ƙarƙashinsa, saboda haka a nuna 7.3. Shi ya sa idan ka cusa sabuwa a tsakiya, na ƙasa suke matsawa da kansu. Ranar da aka mayar da kundin PDF, an yi ƙirgar sau ɗaya, aka zana sakamakon, aka watsar da dokar ƙirgar.

Mai juyawa canka yake yi

To, manhajar da aka ba ta PDF aka ce ta dawo da shi Word, me za ta yi? Canka za ta yi. Kamar wanda aka miƙa wa hoton taro ne aka ce ya nuna shugaba. Zai duba wanda ke zaune a tsakiya da babbar riga ya ce ga shi nan. Sau da yawa ya dace, amma wata rana mai babbar rigar babban baƙo ne, shugaban yana gefe da kaftani.

Haka manhajar take duba kanu. Layin da haruffansa suka fi na sauran girma ko kauri, gajere ne, akwai fili samansa da ƙasansa, bai ƙare da aya ba, sai ta ce wataƙila kai ne. Daga nan kurakurai suke fitowa ta fuska uku. Ta farko, ta kwaikwayi kamannin kawai: ta ba layin girma 14 da kauri, amma ta bar shi a salon `Normal`. A ido kai ne, a wurin Word kuwa rubutu ne kamar kowane, don haka ba zai shiga jerin abubuwan da ke ciki ba. Wannan ya fi yawa, kuma ya fi yaudara, domin ba a ganinsa. Ta biyu, ta ɗauki abin da ba kai ba ta mayar da shi kai, misali kalmar SANARWA da aka kauraro a tsakiyar shafi. Ta uku, kai mai tsawo da ya karye zuwa layi biyu ta raba shi gida biyu, sai ka ga "HUKUNCIN MAMBAN DA YA" a matsayin kai guda, "ƘI BIYAN KUƊI" a matsayin wani.

Matakan kanu ma sukan cakuɗe. Idan wanda ya buga kundin ya bambanta babban kai da ƙarami da ɗan girma kaɗan, ko kuwa duk girmansu ɗaya sai dai wani yana tsakiya wani yana gefe, manhajar ba ta da abin da za ta kama. Mutum ya san "Sashe na 7" ya fi "Lokacin biya" matsayi saboda ya fahimci maganar, ita kuwa awo kawai take yi.

Lambobi sun fi kanu wahala, domin a nan ba gane layi guda ake nema ba, dangantakar layuka da yawa ake nema. Manhajar tana da zaɓi biyu, kuma kowanne da illarsa. Ko dai ta bar 7.3 a matsayin haruffan da aka buga da hannu, abin ya fito daidai da asali amma matacce, kamar yadda ya faru da sakatarenmu. Ko kuma ta yi ƙoƙarin gina jeri mai ƙirga kansa, wanda idan ta kuskure, lambobin da kansu za su sauya.

Ga yadda take kuskurewa. A Sashe na 9, ƙaramar doka ta (d) ita ce ta ƙarshe a shafi. Bayanta a cikin fayil ɗin sai lambar shafi, sai sunan ƙungiyar da ke saman shafi na gaba, sannan (e). Mutum yana tsallake waɗannan ba tare da ya lura ba. Manhajar kuwa tana iya ɗauka cewa jerin ya ƙare, wani rubutu ya shigo, yanzu sabon jeri ne. Wani lokaci ta fara shi daga (a). Wani lokaci ta fi wayo, ta ƙirƙiri sabon jeri ta umarce shi ya fara daga (e), abin ya yi kyau a ido, sai ranar da ka ƙara doka a shafin baya ka ga rabin jerin ya motsa, rabin ya tsaya. Tebur ko hoto a tsakiyar jeri ma haka yake yi.

Akwai kuma ruɗanin da ko mutum sai ya duba na sama da na ƙasa. Alamar (i) da ta biyo bayan (h) harafi ce, mai biye mata (j). Amma (i) da ke ƙarƙashin wata doka lambar Rumawa ce, mai biye mata (ii). Haka jimlar da ta karye, sabon layi ya fara da "2019." ko da "5.", ana iya ɗaukarta farkon jeri.

Mafi haɗari a kundin doka ba ya ma cikin waɗannan. A Sashe na 10 akwai doka ta 10.2 da ke cewa duk wanda ya saɓa wa 7.3 sau uku za a kore shi. A tsohon kundi 7.3 ita ce dokar biyan kuɗi kafin goma ga wata. Da sakatare ya cusa sabuwar doka ya gyara lambobi da hannu, dokar biya ta koma 7.4, amma 10.2 tana nan tana nuna 7.3, wadda yanzu ita ce ta rangwamen gobara. An wayi gari dokar kora ba ta hawa kan mai ƙin biya. Babu jan layi da zai bayyana a ƙarƙashin wannan, babu gargaɗi. Sai ranar da rigima ta tashi wani ya buɗe kundin ya karanta.

Ba duk PDF ne ɗaya ba

Kafin ka juya fayil, ka san wane iri ne a hannunka, domin iri uku ne kuma ba su ba da sakamako ɗaya.

Na farko shi ne wanda aka yi da sikanin ko kyamarar waya. Wannan hotunan shafuka ne kawai, babu harafi ko ɗaya a ciki. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka yi ƙoƙarin zaɓen kalma guda, ko ka nemi wata kalma da `Ctrl+F`. Idan abin ya ƙi, hoto ne. Sai an bi ta OCR, wato manhajar da ke duban hoto ta gane haruffa, kuma a nan canka ta zama hawa biyu: a canki harafin, sannan a canki matsayinsa. Lambobi ne suka fi shan wuya, domin 1 da l da I kusan kamarsu ɗaya, haka 0 da O. Ɗigon da ke cikin 7.3 idan ya dushe sai ta zama 73. Cikin kalma, manhajar takan gyara kuskure da taimakon ƙamus, amma lamba ba ta da ƙamus. Idan kai za ka yi sikanin ɗin, ka sa shi a 300 dpi, ka daidaita takardar kada ta karkace.

Na biyu shi ne mai haruffa na gaske amma babu bayanin tsari, irin wanda muka tona a sama. Shi ne ya fi yawa.

Na uku shi ne mai alamomin tsari. Tun 2001 aka ƙara wa PDF damar ɗaukar wani ɓoyayyen bayani da ke cewa wannan `H1` ne, wannan `H2`, wannan `P` wato sakin layi, wannan `L` wato jeri. Babban amfaninsa shi ne manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu su san inda kai yake, amma mai juyawa ma yana iya amfana. A Acrobat Reader, idan ka danna `Ctrl+D` za ka ga layin `Tagged PDF` da `Yes` ko `No` a gabansa. Sai dai kada a yi saurin murna da `Yes`. Alamomin suna ɗaukar abin da marubucin asali ya yi ne. Idan shi ma kaurara layi kawai ya yi bai sa salon kai ba, kamar yadda akasarin masu buga takardu a shagunanmu suke yi, kowane layi zai fito a matsayin `P`. Kuma ko a fayil mai kyawawan alamomi, maganar "duba 7.3" da ke cikin jimla ba ta dawowa da ranta.

Masu rubutun Hausa suna da ƙarin nasu ciwon kai. Kafin haruffa masu lanƙwasa su samu a ko'ina, an daɗe ana amfani da wasu nau'o'in haruffa na musamman da ke nuna ƙ idan an danna q, ɗ idan an danna x, ɓ idan an danna v. A PDF komai yana fitowa daidai domin an cusa siffar haruffan a ciki. Da an juya, sai ka ga "qungiya" da "kuxi" da "zave". Maganin da kowa ke rugawa gare shi shi ne `Replace All`, a sauya duk v ta koma ɓ, duk x ta koma ɗ. A nan ne lambobin Rumawa suke halaka: (iv) ta zama (iɓ), (ix) ta zama (iɗ). Wanda ya saba duba kundayen ɗalibai na Hausa ya sha cin karo da irin wannan. Don haka a gina lambobi masu ƙirga kansu tukuna, domin `Replace` ba ya taɓa su, sannan a sauya haruffa, ana lura da sunayen Turawa da kalmomin aro.

Yadda za a gyara kundin

Mataki na farko ba na kwamfuta ba ne: a nemi fayil ɗin asali. Kiran waya biyu ko uku ga tsohon sakatare ya fi yinin gyara sauƙi. Idan ya gagara, a juya, amma a ajiye PDF ɗin a buɗe a gefe, domin shi ne shaida. Idan manhajar ta ba da zaɓi, kamar yadda Acrobat yake ba da `Retain Flowing Text` da `Retain Page Layout`, a ɗauki na farko. Na biyun yana kare kamannin shafi ne ta hanyar zuba rubutu cikin akwatuna, kuma rubutun da ke cikin akwati ba ya gangarawa shafi na gaba idan ka ƙara masa. Takardar da ke da sirri, irin mai sunayen mutane da lambobin asusunsu, kada a ɗora ta a shafukan intanet masu juyawa kyauta, domin fayil ɗin yana tafiya kwamfutar wasu ne da ba ka sani ba.

Bayan juyawa, gwaji uku za su gaya maka gaskiyar abin da ka samu. Ka buɗe `View` ka kunna `Navigation Pane`. Duk kan da yake na gaske zai bayyana a gefen hagu, idan wurin fayau yake to ba ka da kai ko ɗaya. Sannan ka danna kan wata lamba. Idan mai ƙirga kanta ce, ita da 'yan'uwanta na jeri ɗaya za su yi duhu tare, kuma ba za ka iya sa alƙalami tsakanin 7 da 3 ba. Wannan gwajin ne kuma zai nuna maka inda jeri ya tsinke. Na uku, ka danna `Ctrl+Shift+8` don ɓoyayyun alamomi su fito. Idan ka ga ¶ a ƙarshen kowane layi maimakon ƙarshen sakin layi, to an daddatsa rubutun.

A ra'ayina, idan gwajin ya nuna ɓarna mai yawa kuma takardar rubutu ce zalla, faci ɓata lokaci ne. Gara a kwafe rubutun duka, a zuba shi cikin sabon fayil da `Keep Text Only`, a gina tsarin daga tushe. Mai juyawa yakan bar tarkacen tazara da rabe-raben shafi da salo barkatai, waɗanda za su yi ta ɓullo maka da matsala nan gaba.

Ko wacce hanya ka bi, fara da shara. Goge sunan ƙungiya da lambobin shafi da suka faɗo cikin rubutu, ka mayar da su mazauninsu ta `Insert`, wato `Header` da `Page Number`. Haɗa layukan da aka datse, kowace doka ta zama sakin layi guda. `Ctrl+H` zai taimaka, a nemi `^p` a sauya da tazara, amma a kan abin da ka zaɓa kawai, doka bayan doka. Wanda ya yi wa kundin duka a lokaci ɗaya zai samu shafi 24 a dunƙule cikin sakin layi ɗaya.

Sai kanu. Ka sa alƙalami a kan kowane babban kai ka danna `Ctrl+Alt+1`, wanda ke ba shi `Heading 1`. Dokoki irin su 7.1 da 7.2 ka ba su `Heading 2` da `Ctrl+Alt+2`, ƙananan (a) da (b) kuma `Heading 3`. Launi da girman da Word zai ba su ba lallai su yi maka ba, amma kada ka bi su ɗaya-ɗaya kana gyarawa. Ka danna dama a kan sunan salon, ka zaɓi `Modify`, ka gyara sau ɗaya, duk su sauya tare.

Yanzu lambobi, kuma a nan ne ake so a natsu. A `Home` ka buɗe `Multilevel List`, ka zaɓi `Define New Multilevel List`, ka danna `More`. Akwai wani gurbi mai suna `Link level to style`. Ka ɗaura mataki na 1 da `Heading 1`, na 2 da `Heading 2`, na 3 da `Heading 3`, ka mayar da siffar na farko ta zama 1., ta na biyu ta zama 1.1 ta hanyar `Include level number from`, shi na ukun kuma ka mayar da siffarsa ta zama (a). Da ka danna `OK`, kundin duka zai samu lambobi daga jeri guda. Za ka ga lamba biyu-biyu a gaban dokoki, sabuwa mai rai da tsohuwa matacciya. Kada ka yi gaggawar goge tsofaffin, domin su ne ma'auninka. Ka bi kundin daga farko, duk inda biyun suka yi daidai ka goge tsohuwar. Inda suka saɓa, akwai dalili: ko an raba doka ɗaya gida biyu, ko an haɗe biyu, ko kuwa tun asali mai bugawa ya tsallake lamba. Wannan na ƙarshen ba hurumin sakatare ba ne ya gyara a ɓoye, sai ya kai wa shugabanni.

Har yanzu kada a shigar da sabuwar dokar. Wannan shi ne abin da mutane suka fi kuskurewa. Muddin lambobin kundin suna daidai da na PDF, kowace "duba 7.3" tana nuna inda ya kamata, don haka yanzu ne lokacin ɗaure su. Ka nemo su da `Ctrl+F`, kana neman kalmomi irin su "sashe" da "doka ta". A 10.2, ka goge 7.3 da aka buga da hannu, ka je `References`, ka zaɓi `Cross-reference`, a `Reference type` ka ɗauki `Numbered item`, a `Insert reference to` ka ɗauki `Paragraph number`, ka nuna dokar biyan kuɗi. Daga yanzu 10.2 da dokar kanta take ɗaure, duk lambar da dokar ta koma za ta bi ta. Tsohon jerin abubuwan da ke ciki ma ka goge shi, ka sa sabo ta `Table of Contents`. Tunda dokokinmu jimloli ne masu tsawo, ka shiga `Custom Table of Contents` ka mayar da `Show levels` ya zama 1, don manyan kanu kaɗai su fito.

Sai yanzu za a yi aikin minti biyar ɗin. Ka je ƙarshen 7.2, ka buɗe sabon layi, ka ba shi `Heading 2`, ka rubuta dokar gobara. Za ta karɓi 7.3, tsohuwar ta koma 7.4 nan take. Amma 10.2 da jerin abubuwan da ke ciki ba sa sauyawa sai an tashe su: `Ctrl+A` sannan `F9`. Ka koma 10.2 ka gani da idonka cewa ta koma 7.4.

Don kada na baya ya sha irin wannan wuya

Idan an gama, yadda za a fitar da sabon PDF ma yana da tasiri. Hanyar `Print`, inda ake zaɓen `Microsoft Print to PDF`, tana ɗaukar fayil ɗin kamar takardar da za a buga, ba ta tafiya da alamomin tsari. Hanyar `Save As` ta fi: ka zaɓi PDF, ka shiga `Options`, ka tabbatar an kunna `Document structure tags for accessibility`, ka kuma sa a yi alamomin shafi daga `Headings`. Masu amfani da LibreOffice suna da wata dama ta daban, domin wajen fitar da PDF yana iya cusa fayil ɗin asali a cikinsa, ta yadda duk wanda ya buɗe shi da LibreOffice zai samu rubutun da tsarinsa cikakke.

Duk da haka babu abin da ya kai ajiye fayil ɗin asali. Idan ka kai aiki shagon kwamfuta, ko kundin ƙungiya ne ko na kammala karatu, kada ka tashi da PDF kaɗai. Ka ce a tura maka na Word ɗin ma, ka buɗe shi tun kana wurin, ka kunna `Navigation Pane` ka ga ko kanun sun fito a gefe kafin ka biya kuɗin aikin.